Wasiƙa zuwa ga ɗaliban shekara ta 2: bitar mako biyu kafin jarrabawar babbar manhajar kwamfuta

Tahoua, Juma'a 9 ga Mayu 2025

Ɗalibaina, assalamu alaikum.

Ina fata kuna lafiya, ya kuma haƙuri da zafi. Jarrabawarmu ta babbar manhaja, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta faɗo ranar Litinin 26 ga Mayu, daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe. In muka fara ƙirga daga Litinin mai zuwa, 12 ga wata, kwana 14 ke nan cif. Sun isa, amma ga wanda ya bi su da tsari.

Na gama duba takardunku na gwajin tsakiyar zango, kuma abu ɗaya na gani daga ta farko har ta ƙarshe. Inda na ce ku faɗi ma'anar abu, kun zubo ta kamar karatun allo, ko waƙafi ba ku bari ba. Inda na ba ku lambobi na ce ku bi su taki-taki, nan aka yi ta barin farar takarda. To ku sani tun yanzu, a cikin maki 20 na jarrabawar, 14 na aikin hannu ne, 6 kacal na bayani. Saboda haka bitar nan da fensir da takarda za a yi ta. Duk ranar da ka karanta shafi goma ba ka zana ko tebur ɗaya ba, ka ɗauka ranar ba ka yi bita ba.

Litinin 12 da Talata 13, furosesus da zare. Ku zana halayen furosesus da ka, ba tare da leƙen littafi ba: sabo, mai jiran a ba shi furosesa, mai gudana, wanda ya tsaya jiran wani abu kamar karatu daga faifai, da wanda ya ƙare. Kibiyoyin da ke tsakaninsu su ne tambayar. Da yawanku kun ja kibiya daga mai jiran faifai kai tsaye zuwa mai gudana. Babu wannan hanyar, sai ya koma layi tukuna. Sannan ku tabbatar kun san abin da zaruruwan furosesus ɗaya suka yi tarayya a kai da abin da kowane ya keɓanta da shi. Daga nan ku gwada wannan:

```c
fork();
fork();
fork();
printf("sannu\n");
```

Sau nawa kalmar za ta fito? Wanda ya ce 3, ko 4, ko 6, ya zana bishiyar uwa da ƴaƴa har sai ya ga 8 da idonsa. Masu kwamfuta da Linux a ciki su harhaɗa shi da `gcc`, su kuma buɗe `ps` da `top` su kalli abin da muka yi wata uku muna faɗa a allo.

Laraba 14 da Alhamis 15, rabon lokacin furosesa. A nan nake so ku daɗe, don nan ne maki mafi arha yake. Ku tuna layin injin niƙa: wata ta zo da buhu, wata da ƙwarya, yarinya kuma da tiya ɗaya. In mai injin ya bi wanda ya riga zuwa, yarinyar za ta wuni a tsaye saboda buhun wata. Ga shi da lambobi. Furosesus uku sun iso lokaci 0 a jere: P1 na buƙatar 7, P2 na buƙatar 4, P3 na buƙatar 1. Da FCFS jiransu 0 da 7 da 11, matsakaici 6. Da SJF, mafi gajarta a gaba, jiran ya zama 0 ga P3, 1 ga P2, 5 ga P1, matsakaici 2. Da zagaye, wato RR, kwantum 2, za ku samu 5 da 5 da 4, matsakaici 14/3. Kada ku yarda da ni, ku zana jadawalin Gantt ku gani ko na yi kuskure. In kun gama, ku sauya lokutan isowa, ku sa P3 ya iso a lokaci 3, ku sake yi da ƙwace da kuma ba ƙwace. Kuskuren da ya fi cin makinku shi ne manta cire lokacin isowa wajen lissafin jira. Kuma ku shirya amsa wannan da jimla biyu: in SJF ya fi kowa rage jira, me ya sa ba a dogara da shi kaɗai? Mai injin niƙa yana ganin girman buhu da ido, babbar manhaja kuwa ba ta san tsawon aikin da bai gudana ba, sai kintace. Ga kuma mai buhu da za ta iya kwana a layi muddin masu tiya ba su daina zuwa ba.

Juma'a 16 aiki kaɗan ne. Da safe ku maimaita duk atisayen da ya kayar da ku a kwana huɗun nan, bayan masallaci ku huta.

Asabar 17 da Lahadi 18, rige-rige da semafor. Wannan babi shi ne wanda nake ganin fuskoki na canzawa in na ambace shi. Ku fara da ƙaramin abu: `x` yana 5, zare ɗaya na yin `x++`, wani na yin `x--`. Ku warware kowane zuwa taki uku, ɗauko, sauya, mayar, ku nuna yadda sakamakon zai iya zama 4, ko 5, ko 6. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin babin gaba ɗaya. Semafor kuwa, wanda Edsger Dijkstra ya kawo da ayyukansa biyu P da V, ku ɗauke shi kamar butocin ƙofar masallaci. In butoci uku ne, mutum uku za su ɗauka, na huɗu ya jira sai wani ya ajiye. P ɗauka ce, V ajiyewa. Muteks buta ɗaya ce tak. Sai ku rubuta matsalar mai kawowa da mai ɗauka daga farko har ƙarshe, ku kula da jerin nan na mai kawowa:

```
P(vide);
P(mutex);
/* ajiye */
V(mutex);
V(plein);
```

Ku musanya layi biyu na farko, ku ɗauka rumbun ya cika, ku bi abin da zai faru. Zan iya tambayar wannan, kuma ba na ɓoye muku. Na san Lahadi ranar kasuwa ce, wasunku na taya iyaye a rumfa. Ku yi na Lahadin da asuba kafin ku fita.

Litinin 19, cirko-cirko. Kwana ɗaya ya ishe shi. Mutum biyu a bakin rijiya, ɗaya ya riƙe guga, ɗaya ya riƙe igiya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya saki. Sharuɗɗa huɗu da Coffman da abokan aikinsa suka jera a 1971 ku san su, amma abin da zan tambaya shi ne yadda ake karya kowane ɗaya. Ga lissafin mai banki na gwaji: kaya 10 ne gaba ɗaya. A na riƙe da 4, iyakarsa 7. B na riƙe da 2, iyakarsa 4. C na riƙe da 2, iyakarsa 9. Saura 2 a hannu. Akwai mafita: B ya gama, sai A, sai C. Yanzu C ya roƙi ƙarin 1. A ba shi? Ku lissafa, za ku ga saura 1, kuma babu wanda 1 zai kai shi ƙarshe.

Talata 20 zuwa Alhamis 22, memuwar. Kwana uku na ba ta, don ita ce mafi nauyi a takardar. Ranar farko fassarar adireshi. Shafi mai okte 4096 na cin bit 12, saboda haka a adireshi mai bit 32 saura bit 20 na lambar shafi. Adireshin `0x3A7F` yana shafi na 3, tazararsa `0xA7F`. In tebur ya ce shafi na 3 yana gurbi na 9, adireshin zahiri `0x9A7F` ne. Tazara ba ta canzawa, lambar shafi kaɗai ake musanyawa. Ku yi irin wannan goma, har hannu ya saba. Ku kuma iya faɗin amfanin TLB. Rana ta biyu da ta uku, musanyar shafi. Ku ɗauki wannan jeri:

```
1 2 3 4 1 2 5 1 2 3 4 5
```

Da FIFO da gurbi 3 za a rasa shafi sau 9. Ku ƙara gurbi ya zama 4, sai rashin ya hau zuwa 10. An ƙara wuri, wahala ta ƙaru: wannan shi ne abin mamakin da ake kira da sunan Belady, wanda aka bayyana a 1969. Da LRU za ku samu 10 da 8, da OPT kuma 7 da 6. In lambobinku sun saɓa da waɗannan, yawanci wuri ɗaya ne matsalar: a LRU, shafin da aka samu a ciki ma sai an sabunta lokacinsa, a FIFO kuwa ba a taɓa shi.

Juma'a 23, fishiye da faifai. Inod da abin da ke cikinsa (sunan fishiye ba ya ciki, yana cikin kundin da ya ɗauke shi), bambancin `ln` da `ln -s`, da karanta izini irin `chmod 754`. Tarihin Unix na 1969 da Linux na 1991 ku karanta don kanku, ba zan tambaye shi ba.

Asabar 24 da ƙarfe 8, ku zauna da takardar bara, wadda na ba shugaban ajinku ya yi muku hoto. Awa uku, waya a kashe, littafi a rufe. Da ƙarfe 4 na yamma mu haɗu a ajinmu mu gyara tare. Lahadi 25 kada a buɗe sabon babi. Ku duba kurakuran Asabar, ku tanadi biro biyu, fensir, abin ja layi da katin ɗalibi, ku kwanta da wuri.

Wanda ba shi da kwamfuta kada ransa ya ɓaci. Ban da `fork()` da umarnin fishiye, duk abin da na lissafa takarda ta ishe shi, kuma ɗakin injuna zai kasance a buɗe Talata da Alhamis da yamma in akwai wuta. Zafin Mayu kuma ba a yi masa taurin kai: awa biyu bayan sallar asuba, awa ɗaya da rabi bayan isha'i, sun fi wuni guda ana gyangyaɗi a kan littafi. Masu bita a fada, ku uku ko huɗu kun isa, kowa ya yi atisayen shi kaɗai kafin a ɗora shayi, sannan a gwada amsoshi. In ɗaya na yi saura na kallo, shi kaɗai ya yi bita.

Ina ofis Laraba 14 da Laraba 21, daga ƙarfe 9 zuwa 12. Wanda zai zo ya zo da takardar da ya gwada ya kasa, mu nemo layin da ya ɓace tare. Ƴan mata na layin baya, ku ma ina jiranku. Takardunku na cikin mafi kyau a gwajin da ya wuce, amma ban taɓa jin tambayarku a aji ba.

Allah ya ba da sa'a, ya sa a yi a gama lafiya. Ku gaida gida.

Malaminku,
Malam Isufu