Yadda za a auna tsawon shaf ɗin zane SH-214, duka daga fuskar A

Wannan takardar ta mai aiki a kan injin tana na biyu ce, ko kana safe ko kana dare, ka karanta ta tun kafin ka ɗaure ƙarfe na farko a cak, idan ka gama ka mayar da ita jikin injin inda ka same ta don na bayanka. Aikin shaf ne guda 120, ƙarfen C45, tsawonsa 240 mm, kafaɗa huɗu gare shi. Kauri ba shi ne damuwata ba yau, akwai takardarsa daban, wannan maganar tsawo ce kawai.

Abu ɗaya nake so ya zauna maka a kai: kowane tsawo daga fuskar A yake tashi. Fuskar A ita ce bakin da ke gefen Ø25, wadda ake fara sharewa a aiki na farko, a zane za ka ga harafin A cikin ɗan akwati da alamar kusurwa uku manne da ita. Ba a auna daga kafaɗa zuwa kafaɗa a wannan aikin, ko da kuwa ya fi sauƙi, na san ya fi sauƙi.

Ga abin da zane yake so:

L1, daga A zuwa inda Ø25 ya haɗu da Ø30: 32 ±0.05
L2, daga A zuwa inda Ø30 ya haɗu da Ø40: 78 ±0.05
L3, daga A zuwa ƙarshen Ø40: 150 ±0.1
L4, daga A zuwa kafaɗar ƙarshe: 210 ±0.1
L5, tsawon duka: 240 ±0.2

Dalilin da ya sa nake ta nanata A ɗin nan, bari in yi maka lissafin. Idan ka cire lambobin daga juna za ka samu matakai 32, 46, 72, 60 da 30, to a ce ka bi su ɗaya bayan ɗaya da baniya kuma kowanne ya fito da ƙarin 0.04, kai a ganinka komai lafiya lau tunda babu wanda ya kai 0.05. Amma kafaɗa ta biyu ta riga ta koma 78.08 daga A, ta fita, ta huɗu kuma tana 210.16, ita ma ta fita, kuskuren ya yi ta hawa kan juna ba ka sani ba. Boris a kafaɗar L2 yake zama, giya kuma a L3, masu haɗa injin daga A suke jera komai, so idan kafaɗa ta goce su ne za su dawo mana da kaya. Wancan karon haka aka yi muka zubar da guda goma sha ɗaya, ba sai na faɗi sunan kowa ba.

Kafin ka taɓa geji injin ya tsaya cak tukuna, kada ka kai hannu ko abin awo kusa da cak yana juyawa. Awon da za ka yi a kan injin da baniya na leƙe ne kawai, ka ga ko kana kusa, ba shi ake rubutawa ba. Wanda ake rubutawa a kan teburin dutse ake yinsa, da hayit geji mai karanta 0.001 wanda aka ɗaura wa agogon awo, baniya ba ta isa ta yanke hukunci a kan ±0.05 ba.

Sauke shaf, ka wanke ruwan sanyaya, ka goge. Sai ka bi bakin fuskar A da yatsa a hankali, in ka ji ɗan leɓen ƙarfen nan da wuƙa take bari, ka cire shi da ƙaramin dutsen wasawa, haka bakin ramin santa shi ma yakan tashi kaɗan. A kwance za ka ɗora dutsen ka shafa sau biyu ko uku, ba fayil ba, don Allah kada wani ya sa wa fuskar A fayil. Leɓe na 0.03 ya isa ya ɓata maka dukkan awon biyar, tunda duka a kansa suke tsaye.

Sannan ka bar shi ya huce. Wannan ne inda aka fi yin gaggawa. Lambobin zane na ƙarfen da yake digiri 20 ne, kuma ƙarfe irin wannan yana miƙewa kamar 0.0115 mm a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya, ke nan shaf ɗin da ya sauko yana digiri 40 zai nuna maka ƙarin kusan 0.05 a L4, rabin abin da aka ba ka ke nan ya tafi a banza. Ajiye shi a kan teburin kusa da gejin minti ashirin, ka ci gaba da wani abin, in ka taɓa ka ji bai fi teburin ɗumi ba to ya yi.

Goge teburin da tafin hannu bayan tsumma, hannu yana jin ƙurar da ido ba ya gani. Gwada gejin da bulok na 50 da na 100, in bai ba ka daidai ba ka tsaya ka kira ni, kada ka ce za ka riƙa cirewa a ka.

Yanzu tsayar da shaf ɗin. Sau biyu za ka tsayar da shi saboda kafaɗun ba waje ɗaya suke kallo ba, biyu na farko suna kallon A, biyu na ƙarshe sun juya mata baya.

Na farko A tana sama. Ka manna Ø40 a cikin bulok mai tsagin V ka ɗaure da sauƙi don ya tsaya a miƙe, in ya karkace ko kaɗan karatun zai yi ta canzawa kana zagayawa. Sauko da bakin agogo a kan fuskar A, tsakanin ramin santa da gefe, ka sa sifili a nan. Daga nan ka sauka kafaɗar L1 ka karanta, ka wuce L2 ka karanta, ba tare da ka sake danna sifili ba. Hannu yana son danna sifili a kowace kafaɗa, ka hana shi. In ka gama ka koma kan A ka duba ko har yanzu sifili ne, in ya motsa fiye da 0.005 ka sake daga farko.

Kafaɗar L1 siririya ce, 2.5 mm kawai, kuma a lungunta akwai ɗan lanƙwasa na 0.4 da bakin insat ya bari, a bakinta kuma akwai shamfa. Bakin agogo ya sauka a tsakiyar fili, in ya hau lanƙwasar zai ce maka tsawon ya gaza alhali lafiyarsa ƙalau, in ya zame kan shamfa ya ce ya wuce. Duƙa ka kalla da idonka, kar ka yi ta da ka.

Na biyu ka juya shi, A ta zauna a kan teburin kai tsaye, ka ɗan murza shi ka ji ya zauna daram kafin ka ɗaure, sifili yanzu a kan teburin yake tunda teburin da A sun zama abu ɗaya. Karanta L3, L4, L5. Kowace kafaɗa wuri uku za ka taɓa a zagaye, ka rubuta mafi girma da mafi ƙanƙanta, dukkansu dole su kasance cikin iyaka, ba a raba tsakiya a ce ya wuce. Idan bambancinsu ya haura 0.02 to ko shaf bai tsaya daidai ba ko kafaɗar ce ta karkace, kwance ka sake ɗaurewa ka gani.

Shaf na farko a auna duka biyar, ni ko mai duba aiki na dare ya sa hannu kafin ka ci gaba. Bayan nan kowane na goma. Ka ƙara da duk wanda ya fito bayan canza insat, bayan taɓa ofset, bayan karɓar aiki daga wani, ko in injin ya kwana a kashe. A fom lambar da ka gani za ka rubuta, 78.03, ba "ya yi" ba, don da lambobin ne muke gane wuƙa ta fara cinyewa tun kafin ta kai mu waje.

In awo ya fita, tsaya ka kalli yadda ya fita kafin ka ruga wajen ofset ɗin Z. Idan L3, L4 da L5 sun gaza tare kuma da adadi ɗaya, kusan kullum ɓurɓushin ƙarfe ne ya shiga tsakanin A da abin tokare na cikin cak a aiki na biyu, shaf bai kai ciki ba, ka share wurin ka sake gwada guda ɗaya, in ka gyara ofset a kan wannan to na gaba zai fita ta ɗaya gefen. Idan L1 da L2 ne suka goce tare, duba ofset ɗin wuƙar da ta share A da na wadda ta yanka kafaɗun. Kafaɗa ɗaya tak ta fita sauran suna daidai, wannan maganar furogiram ce, ba taka ba ce, kira ni.

Ka kuma san wanda yake gyaruwa. L1 ko L2 in sun gaza akwai sauran nama, ana iya ƙara yanka. L3, L4, L5 kuwa sai in sun wuce ne ake da nama. Akasin haka an riga an ci ƙarfen. Na san dabarar da take zuwa wa mutum a lokacin, a ɗan sake share A don L1 ya dawo, to ka sani duk abin da ka cire a A ka cire shi ne daga tsawo biyar gaba ɗaya, ba a yi sai da izinina.

Wanda ya fita ka ɗaura masa jan kati, ka rubuta lambarsa da awon da ya fita, ka sa shi a jan kwando, sannan ka koma baya ka auna duk waɗanda suka fito tun daga na ƙarshen da aka tabbatar yana da kyau, guda tara ne in ka bi tsarin. Fom ɗin ya biyo tiren shaf zuwa wajen dubawa na ƙarshe, tiren da ya zo babu fom za a dawo maka da shi.