Kawu, Game da Hoton Maganin Sukarin da Ka Turo Mini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma ƙafar tana ƙara sauƙi. Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ne. Na ga saƙon da ka turo mini daren jiya, inda ka umarce ni in tura wa masu maganin naira dubu 35 domin su aiko maka da kwalba biyu. Ban tura kuɗin ba tukuna, kuma ina neman gafararka a kan wannan jinkiri. Na tsaya ne na duba hoton da idon sana'ata, domin ka san shekara takwas ke nan ina gyaran hotunan kalandar biki da fastocin 'yan siyasa a shagonmu na ɗab'i da ke Fagge, kuma abin da na gani ya tabbatar mini cewa haɗa hoton aka yi.

Ka buɗe shi a wayarka, ka sa yatsu biyu ka faɗaɗa shi, sannan ka dubi ƙafafun nan biyu da aka jera, wadda aka rubuta wa "kafin magani" da wadda aka rubuta wa "bayan kwana bakwai". A ƙarƙashin kowace ƙafa akwai tabarma iri ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne idan gida ɗaya aka ɗauki hotunan, amma zaren da ya zare a gefen tabarmar yana kwance a wuri ɗaya, da lanƙwasa iri ɗaya, a hotunan biyu. Akwai kuma ɗigon ruwa kusa da diddige a hoton farko, kuma ga shi nan bai bushe ba a na biyu, wai bayan mako guda. Inuwar yatsun ma ba ta gusa ko kaɗan ba. Babu mutumin da zai dawo bayan kwana bakwai ya ajiye ƙafarsa daidai inda ya ajiye ta, a daidai lokacin da rana take wurin da take, ya kuma tarar da ɗigon ruwa yana jiransa. Hoto ɗaya ne na lafiyayyiyar ƙafa aka kwafa sau biyu, aka manna gyambo a kan ɗaya.

Gyambon kansa ya tona musu asiri. Idan ka lura da gefensa za ka ga wani siririn zobe mai haske ya zagaye shi, kuma fatar da ke jikin zoben ta fi sauran ƙafar ja. Wannan shi ne abin da yake faruwa idan aka yanko wani abu daga hoton mai farar fata aka ɗora a kan baƙar fata ba tare da an daidaita launi sosai ba. Mu ma da muke cire tabo daga fuskar amarya muna fama da irin wannan zoben, kuma idan yaron shago ya bar shi a aiki, sai an mayar masa ya sake. Domin in ƙara samun natsuwa, na yanke gyambon kaɗai na saka shi a manhajar Google Lens, wadda take nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sai ga shi a wani shafin koyar da ma'aikatan jinya na ƙasar waje, a ƙafar wani Bature, da siffarsa ɗaya sak.

Mutumin da ke sanye da farar rigar likita a saman tallar shi ma ba ya riƙe da kwalbar. Yatsunsa a buɗe suke, kwalbar tana kansu kamar an liƙa takarda, ba ta kuma jefa inuwa a tafin hannunsa ba. Haske yana dukan fuskarsa daga hagu, ita kuwa kwalbar daga dama take sheƙi. Ba a faɗi sunansa ba, balle asibitin da yake aiki.

Ko da a ce ban iya duban hoto ba, Kawu, kai da kanka shaida ne cewa ƙafar da aka nuna ta warke ba ta yi kama da gaskiya ba. Gyambon mai ciwon sukari yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya rufe, saboda yawan sukari a jini yana lalata jijiyoyin da ke kai jini ƙafa da waɗanda suke sa mutum ya ji zafi, kuma idan rauni mai zurfi irin wannan ya warke dole ya bar tabo. Ɗan yankan da lauje ya yi maka a gona tun ina yaro har yau shatarsa tana nan a hannunka, to yaya rami mai faɗin murfin kwalba zai ɓace cikin mako guda ya bar fata sumul har da gashi a kanta? Haka kuma alƙawarin da suka yi na raba mutum da ciwon sukari har abada. Tun 1921 da aka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada likitoci suke ta bincike, kuma har yau abin da ake yi shi ne riƙe ciwon da magani da kula da abinci da motsa jiki. Da wani ya samo abin da yake kawar da shi cikin kwana bakwai, ba a zauren WhatsApp na 'yan unguwa za ka fara jin labarin ba.

Na duba lambar hukumar NAFDAC da suka buga a ƙasan kwalbar a manhajar hukumar mai suna Greenbook, wadda ake bincika magungunan da aka yi wa rajista, ban same ta ba. Tambarin ma ya fi duk sauran rubutun takardar kwalbar fitowa fes, alamar daga baya aka ɗora shi. Sannan babu adireshin masana'anta, babu jerin abubuwan da aka haɗa maganin da su, sai lambar waya da asusun banki na mutum ɗaya, da gargaɗin cewa saura kwalba goma. Na san Alhaji maƙwabcinka ne ya turo maka, kuma ba na zarginsa da komai, domin shi ma turo masa aka yi, kuma tausayinka ne ya sa ya isar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne layin da ke cewa a ajiye maganin asibiti yayin shan nasu. Ina roƙonka don Allah kada ka daina shan metformin ɗinka ko na yini ɗaya sai da izinin likita, kada kuma ka shafa wa raunin wani abin da ba a asibiti aka ba ka ba, domin ƙafar da ba ta jin zafi sosai tana iya ruɓewa mai ita bai ankara ba. Ba ina raina maganin gargajiya ba ne, amma wannan ba mu san wanda ya haɗa shi ba, ba mu kuma san abin da ƙodarka za ta tarar a cikinsa ba.

Idan ka amince, zan riƙe kuɗin nan zuwa ranar Alhamis, in zo Kazaure da safe in kai ka a wanke ƙafar, a kuma yi maka gwajin HbA1c, wanda yake nuna yadda sukarinka ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Zan taho da hoton a buge a babbar takarda domin ka ga zoben da ɗigon ruwan da idonka, mu kuma nuna wa Alhaji. A gaishe mini da Inna da yara.

Ɗanka,
Abubakar