Haihuwa ko Tsawon Rai: Waiwaye Kan Ra'ayin r da K

Har yanzu a ajujuwan nazarin halittu nan Jos ana zana wa ɗalibai jadawali mai gida biyu. A gidan r akwai ɓera da ƙuda, masu saurin balaga, 'ya'ya rututu, rai gajere. A gidan K akwai giwa, mai ɗaukar ciki kusan wata 22 ta haifi ɗa guda. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa. Masu bincike kuwa sun daɗe da yin gaba suka bar jadawalin.

Ginshiƙin maganar bai rushe ba. Abin da halitta ta ci yana da iyaka. Ƙarfin da ta zuba a ƙwai, nono da ciyar da 'ya'ya ba zai koma ya gyara jikinta ba. George Williams ya fayyace wannan a 1966: haihuwar bana tana cin rabon ta baɗi. A tsibirin Rum na Sikotilan an ga barewar da ta shayar ta fi wadda ba ta shayar ba mutuwa a lokacin hunturu. A Holan an ƙara wa wani nau'in shaho 'ya'ya a sheƙa, iyayen suka ƙara wahalar farauta, mutuwa ta ƙaru a cikinsu.

Amma ganin wannan ciniki da ido yana da wuya, kuma nan ɗalibai suka fi ruɗewa. Ka ƙidaya tsuntsaye a daji, sau da yawa sai ka tarar mai yawan 'ya'ya ita ce kuma mai tsawon rai. Van Noordwijk da de Jong sun warware wannan a 1986: bambancin samu yakan rufe bambancin rabo. Manomin da damina ta yi wa kyau yakan aurar da 'yarsa kuma rumbunsa ya fi na maƙwabci cika, alhali bikin ya ci hatsi. Shi ya sa ƙidaya kaɗai ba ta isa, sai an sa hannu an ƙara ƙwai ko an rage.

Su r da K sun fito ne daga lissafin ƙaruwar jama'a, dN/dt = rN(1 − N/K), inda N ke nufin yawan halittun, r ke nufin saurin ƙaruwa, K kuma iyakar abin da muhalli zai iya ɗauka. MacArthur da Wilson suka kawo ra'ayin a 1967, suna maganar halittun da suka sauka sabon tsibiri, kafin cunkoso da bayansa. Eric Pianka ne a 1970 ya shimfiɗa jerin siffofin da muke haddacewa. A ganina daga nan aka yi tuntuɓe, domin hasashe kan cunkoso ya rikiɗe ya zama akwatin rarraba dabbobi.

Ina za a saka kuka? Tana shekaru ɗaruruwa a tsaye, tana kuma zubar da iri ba adadi. Kunkurun teku ma haka, balaga a makare, ƙwai kusan ɗari a rami ɗaya. Sannan hujjar tana zagaye: a ga dabba mai yawan 'ya'ya a ce r ce, a tambayi dalilin yawan 'ya'yan a ce ai don r ce, ba wanda ya auna cunkoson. Stephen Stearns ya yi irin wannan suka tun 1977. Balle waɗanda suka ɗauki jadawalin suka jera jinsunan mutane da shi, irin su Philippe Rushton, aikin da masana suka yi watsi da shi.

Tambayar da ta maye gurbin ita ce: a wane shekaru mutuwa ke ɗauka? David Reznick ya gwada da wasu ƙananan kifaye a rafukan Tirinidad. Inda manyan kifaye ke cin baligai, sukan balaga da wuri su haifi ƙanana da yawa. Da aka mai da su rafin da kifin da ke farautarsu ya fi cin jarirai, cikin shekara 11 zuriyarsu ta koma jinkirin balaga da 'ya'ya kaɗan manya. Adalci dai, shi da abokan aikinsa sun nuna a 2002 cewa cunkoso bai fita daga lissafi ba, tunda inda mafarauta suka yi ƙaranci kifaye kan yi yawa abinci ya ragu. Abin da MacArthur da Wilson suka hango yana nan, jerin Pianka ne ya gaza.

Mu nan abin gwaji yana bakin ƙofa. Tun 1944 Reginald Moreau ya lura tsuntsayen Afirka kusa da tsakiyar duniya sun fi na arewa ƙarancin ƙwai, kuma a dajin Amurum da ke Laminga, cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis tana sanya wa tsuntsaye zobe a ƙafa ana sake kama su. Ɗalibin da ke neman aikin kammala digiri zai fi ƙaruwa in ya auna iyaye nawa ke kai baɗi da sheƙa nawa maciji ke kwashewa, maimakon ya sake zana gida biyun nan a babi na biyu.