Takardar Neman Sabuwar Shaidar NCE a Madadin Wadda Ta Ɓace

Unguwar Tudun Wada,
Daura,
Jihar Katsina.
12 ga Janairu, 2026.

Zuwa ga Magatakarda,
Kwalejin Ilimi ta Tarayya,
Katsina.

Ranka ya daɗe,

ROƘON A SAKE BA NI TAKARDAR SHAIDAR KAMMALA NCE

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da sauran ma'aikatan ofishinka, na rubuto ne in sanar da kai cewa takardar shaidar kammala karatuna ta NCE, ta asali wadda wannan kwaleji ta ba ni, ta ɓace tun ranar Alhamis 20 ga Nuwamba, 2025. Na yi iyakar ƙoƙarina wajen nemanta, Allah bai sa an dace ba. Shi ya sa nake roƙon a sake ba ni wata a madadinta.

Sunan da ke jikin takardar shi ne Isma'il Lawal Daura, lambar ɗalibi 14/3172. Na shiga kwalejin a zangon karatu na 2014/2015, na karanta Hausa da Nazarin Addinin Musulunci, na kammala a 2017. Takardar kuwa sai a watan Maris na 2019 na zo na karɓe ta da hannuna, na sa hannu a babban littafin da ake rubuta waɗanda suka karɓa. Lambar da ke kusurwarta ta sama ita ce 017446. Ina jawo hankali a kan sunan saboda a gida da wurin aiki Sama'ila ake kirana, har wasu takarduna na baya-bayan nan da Sama'ila aka rubuta su, amma a rajistar kwaleji Isma'il ne. Idan za a duba fayil, da wannan za a same ni.

Ga yadda abin ya faru. Ni malamin firamare ne a nan Daura, shekara shida ke nan ina riƙe da aji. A watan Nuwamba aka kira mu Katsina domin tantance ma'aikata, aka ce kowa ya zo da takardunsa na asali, ba a karɓar kwafi. Na haɗa nawa cikin wata baƙar jakar hannu na tafi. Layin ya yi tsawo, kafin ya zo kan rukuninmu jami'an sun tashi, aka ce mu dawo wani mako. Bayan la'asar na je tasha na shiga motar Daura, irin ƙananan nan da ake cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Ni ne na ƙarshe da na cika motar, ga matsi, sai na tura jakar bayan kujera, wajen gilashin baya, don in sami wurin ajiye hannu.

Muna dab da shiga Mashi motar ta fara tari, ta tsaya. Direba ya buɗe gaba ya yi ƴan dabarunsa, ta ƙi tashi. Magariba ta kawo jiki, ga hazon hunturu, kowa hankalinsa ya koma kan ya isa gida. Da wata mota ta zo da sauran wuri, sai direbanmu ya tsayar da ita suka daidaita, ya juye mu a ciki. Aka shiga rububin kujera, ni kuma na tsaya taya wata dattijuwa ɗauko ƙullin kayanta daga but. Na shige mota hannu rabbana. Sai da na sauka a Daura, na kai hannu zan rataya jaka, sannan gabana ya faɗi.

Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, ranka ya daɗe. Sakacina ne. Takardar da mutum ya yi shekara uku yana wahala a kanta ba abin da za a tura bayan kujera ba ne, a cinya ya kamata ta zauna.

Washegari da asuba na hau babur na koma inda motar ta lalace, na tarar an riga an ja ta. Wani mai faci da ke kusa ya ce cikin dare aka zo da makaniki. Lambar motar ban riƙe ba, wa yake duba lambar motar haya in ba wani abu ya faru ba? Abin da na sani kawai, ja ce, gilashin gabanta a tsage. Da wannan kwatancen na je wurin shugabannin direbobi a tashar Katsina da ta Daura, kuma sun yi mini kirki ƙwarai, domin har ɗan kamasho suka haɗa ni da shi muka riƙa bin layi muna tambaya. Sai a kwana na biyar aka gano direban, ashe ya koma jigilar Kongolam. Na same shi a can. Bai yi musu ba, ya ce tabbas ya ga baƙar jaka da safe, ya ajiye ta a gaban mota da niyyar kai ta ofishin ƙungiya, amma ya yi sawu uku a ranar, da ya waiwaya babu ita. Ya buɗe mini motar na duba har ƙarƙashin kujeru. Ina kyautata masa zato. Mai yiwuwa wani fasinja ne ya ɗauka yana tsammanin kuɗi ne a ciki, da ya ga takardu ya watsar.

Daga nan na ba da cigiya a rediyo har kwana uku, aka kuma yi sanarwa a masallatan Juma'a biyu a Daura da ɗaya a Mashi, na yi alkawarin tukuici ga duk wanda ya tsinta. Har wurin masu ƙosai da masu tsire na bakin tasha na bi, don na san inda takardar da aka yar takan ƙare. Yau kwana 53 ke nan, shiru.

Da na fid da rai, sai na bi hanyar da doka ta tanada. Na kai rahoto ofishin ƴan sanda a Daura ranar 1 ga Disamba, suka rubuta a littafinsu suka ba ni takardar rahoton ɓata. Ranar 3 ga Disamba na yi rantsuwa a kotu a gaban kwamishinan rantsuwa, aka buga hatimi. Na kuma sa an buga sanarwar ɓatan a wata jarida ta ƙasa ranar 10 ga Disamba, da sunana da lambar takardar. Duka ukun na haɗo su da wannan wasiƙa: rahoton ƴan sanda da takardar rantsuwa na asali ne, jaridar kuma shafin gaba ɗaya na ciro don a ga kwanan wata. Akwai kuma kwafin ita takardar da ta ɓace, wanda Allah Ya sa na taɓa yi lokacin da nake neman aiki, sai dai ya ɗan dushe ta wajen hatimi, amma suna da lamba da sa hannu duk suna karantuwa. Na haɗa da kwafin takardar shigata kwalejin, da rasiɗin kuɗin makaranta na shekarar ƙarshe wanda na tsinta a akwatin mahaifiyata, da kwafin katin ɗan ƙasa, da ƙananan hotuna guda biyu. Takarda ta ƙarshe daga hedimastanmu ce, yana shaida cewa ya san ni kuma ya taɓa ganin takardar ta asali da idonsa.

Na sani cewa manyan makarantu da yawa sau ɗaya suke buga wa mutum takardar shaida, kuma na fahimci dalili. In aka ce duk wanda ya zo da labarin ɓata a miƙa masa sabuwa, to wata rana za a wayi gari takarda ɗaya tana hannun mutum biyu, ɗaya ya sha wahalarta, ɗaya ya saya. Wannan fargabar ni ma tana damuna, don ban san hannun da tawa ta faɗa ba. Saboda haka ina roƙon a rubuta a fayil ɗina cewa mai lamba 017446 ta ɓace, ta yadda duk wanda ya aiko neman tabbaci a kanta za a san ba daga gare ni ba ne. Idan ƙa'idar kwaleji ta yarda a sake bugawa, ko da za a rubuta a jiki cewa madadi ce, wannan shi ne babban abin da nake nema. Idan kuwa ƙa'ida ba ta ba da dama ba, to a taimaka mini da wasiƙar tabbatarwa a kan takardar kwaleji mai tambari, da sa hannunka da hatimi, wadda za ta nuna sunana da lambata da darussan da na haɗa da sakamakona da shekarar da na gama, ta kuma faɗa a fili cewa an ba ni ita ne a madadin ta asali da ta ɓace. In da hali a buga wa kwafin da na aiko hatimin tabbatarwa shi ma.

Abin da ya sa nake roƙon a duba da wuri shi ne maganar tantancewar nan. Da aka koma, abokan aikina duk sun wuce, ni aka sa sunana cikin waɗanda ba su kammala ba, aka ba ni zuwa ƙarshen watan Maris in kawo ta asali ko wata shaida daga kwaleji. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita a ƙasar nan, kuma ni ba ni da wata sama da ita. In wa'adin ya cika ban kawo ba, albashina na iya tsayawa, ga iyali, ga mahaifiya, ga azumi yana ƙaratowa. Sauran takardun da suka tafi tare da ita, wato ta firamare da ta shaidar ƙaramar hukuma da ta ɗaukar aiki, duk a nan Daura ake neman madadinsu kuma na riga na fara bi. Wannan ce kaɗai ba ta da wata ƙofa sai taka.

A shirye nake in biya duk kuɗin da kwaleji ta ƙayyade, ta hanyar da aka tsara, in kawo rasiɗi. Idan ana bukatar in zo da kaina a gan ni, ko in sa hannu a gwada da wanda na yi a littafin 2019, ko in nemo wani daga cikin malaman sashenmu da ya koyar da ni ya shaide ni, a sanar da ni ranar kawai. Hedimasta ya yi mini izinin fita duk ranar da aka kira ni, kuma in na kama hanya da sassafe ina Katsina kafin a buɗe ofis. Na kuma ɗauki alkawari, kamar yadda na rantse a kotu, cewa idan Allah Ya sa ta asalin ta dawo hannuna, zan kawo ta ofishinka ba tare da ɓata lokaci ba, ba zan riƙe biyu ba.

Za a iya aiko mini da amsa ta adireshin da ke sama. Ni ma in sha Allahu zan leƙo ofishin ranar Litinin 26 ga Janairu in ji inda aka kwana.

Allah Ya ƙara girma, Ya taya ka riƙo. Na gode.

Naka mai biyayya,

Isma'il Lawal Daura
Lambar ɗalibi 14/3172
Hausa da Nazarin Addinin Musulunci, 2014 zuwa 2017