Talatu da Ƙwayar Kabewa

Unguwar Tsamiya ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Darazo, cikin jihar Bauchi. Gidaje 24 ne kacal a cikinsa, sai rijiya ɗaya, sai masallaci, sai wata babbar tsamiya da yara ke wasa a gindinta. A gidan da ke kusa da rijiyar akwai wata yarinya mai suna Talatu, shekarunta 8. Tana zaune da Babanta da Innarta da ƙanenta Sabo da kuma Kakarsu.

Wata rana a ƙarshen bazara Baba ya dawo daga kasuwar Darazo da yankin kabewa ɗaya a leda. A ƙauyen babu mai shuka kabewa, sai dai a saya, kuma tana da tsada. Inna ta ba Talatu ta wanke. Mai kabewar ya riga ya kwashe 'ya'yan cikinta, amma da Talatu ta juya ta, sai ta ga ƙwaya ɗaya maƙale a gefe, fara, mai faɗi.

Ta ruga da ita wurin Kaka.

"Kaka, duba abin da na samu!"

Kaka ta karɓa, ta matsa ta da yatsu biyu. Ta ce, "Wannan ta ƙosa, ba fanko ba ce. Ƙawata, idan kin shanya ta kin adana, kabewa ce guda a hannunki."

Sabo ya yi dariya. "Wannan 'yar mitsitsiyar? Ko kaza ba za ta ƙoshi da ita ba."

Talatu ba ta kula shi ba. Ta shanya ƙwayar a inuwa har ta bushe, ta ƙulle ta a tsumma, ta saka a cikin ƙwaryar Kaka inda ɓera ba zai kai ba.

Da ruwan sama ya sauka a watan Yuni, ƙasa ta jiƙu, kowa ya fita gona da gero da dawa. Kaka kuwa ta ja hannun Talatu zuwa bayan gida, kusa da juji, inda ake zubar da toka da kashin awaki.

"Nan za mu sa ta," in ji Kaka. "Kabewa mai ci ce, tana son ƙasa mai taki."

Talatu ta haƙa ɗan rami da fartanya. Za ta ƙara zurfi sai Kaka ta tsayar da ita. "Ya isa. Gaɓar yatsa biyu ta wadatar. Idan kin binne ta da nisa, ƙarfinta zai ƙare kafin ta ga rana."

Talatu ta yi bismillah, ta sa ƙwayar, ta rufe da ƙasa a hankali.

Washegari da sassafe ta je ta duba, ba komai. Jibi ma ba komai. Ran na huɗu ta kasa haƙuri, ta ɗauko tsinke za ta tona.

"Kul!" in ji Kaka. "Aiki take yi a ƙasa. Ta sha ruwa ta kumbura, ɓawonta ya tsage, yanzu saiwa take turawa ƙasa. Sai saiwa ta kama kafin kai ya fito."

Da mako ya zagayo, sai ga ƙasa ta tsage, ga ganye biyu ƙanana masu santsi sun leƙo. Talatu ta yi ta tsalle tana kiran kowa. Har Sabo ya zo ya tsuguna yana kallo, bakinsa a buɗe.

Amma ba su kaɗai suka gani ba. Akuyar Inna, Jar Wuya, ita ma ta gani. Wata safiya Talatu ta fito sai ta tarar da ita ta miƙa wuya, saura kaɗan ta kai baki. Talatu ta kwarma ihu, akuya ta zabura. A ranar ita da Sabo suka jawo ƙayar magarya suka kewaye shukar. Ƙaya ta soki Sabo a ɗan yatsa, ya yi ƙwalla, amma bai bar aikin ba.

Daga nan kabewa ta shiga girma. Sababbin ganyenta ba irin na farko ba ne, manya ne masu faɗi, masu kaushi da gashi-gashi. Ta fara yaɗo. Ta fitar da wasu siraran zare masu naɗewa, duk abin da suka taɓa sai su riƙe. Da su ta kama danga, ta hau, ta bi ta kan rumfar Kaka. Kullum Sabo sai ya auna tsawonta da taku, kullum kuma sai ya tarar ta ƙaru.

Sai furanni suka fito, ruwan ɗorawa, manya-manya. Suna buɗewa da safe, kafin azahar sun yi yaushi. Kwana biyu sai su faɗi ƙasa, ba su bar komai ba. Talatu ta tsince su a zaninta, ta zo wurin Kaka idonta cike da hawaye.

"Kaka, kabewata ba ta da lafiya. Furanninta duk zubewa suke yi."

Kaka ta duba ɗaya, ta yi murmushi. "Share hawayenki. Kabewa furanni iri biyu take yi. Waɗannan maza ne, su ne ke fara fitowa, kuma ba sa yin ɗa. Ki jira matan. Za ki gane su da ɗan ƙulli a ƙarƙashin furen."

Bayan 'yan kwanaki Talatu ta ga fure mai ɗan ƙulli kore a gindinsa. Da hantsi sai ga ƙudan zuma sun zo. Sabo ya ɗauki kara zai kore su, Kaka ta riƙe masa hannu.

"Bar su, maigida. Su ne masu aikin. Suna shiga furen namiji, wani gari mai launin ɗorawa ya manne a jikinsu, su kai shi cikin furen mace. In ba su kai ba, ɗan ƙullin nan zai yi yaushi ya faɗi."

Yaran suka zauna shiru suna kallon zuma tana shiga tana fita. Ɗan ƙullin bai faɗi ba. Ya fara kumbura, wasu kuma suka biyo shi.

Ana cikin haka sai ruwan sama ya ɗauke. Mako ɗaya, mako biyu, mako uku, ko yayyafi babu. Gero ya naɗe ganye, kuɓewar mata ta bushe a tsaye. Manya suka fita roƙon ruwa. Ganyen kabewa ma ya saki jiki, ya rataya.

Ruwan rijiya ya ja baya, ba a yarda a yi wasa da shi ba. Talatu ta yi tunani, ta yi tunani. Sai ta roƙi Inna ta riƙa bar mata ruwan da aka wanke shinkafa da hatsi. Ta sa tsohuwar ƙwarya a inda Baba ke alwala tana tarar ruwan. Kowace yamma takan zuba a gindin kabewa, ba a kan ganye ba, kamar yadda Kaka ta nuna mata. Ta kuma rufe gindin da busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye damshin. Da ƙawayenta Ladi da A'i suka ga haka, su ma suka riƙa kawo nasu a gwangwani.

Kabewa ta rayu. Da ruwa ya dawo, 'ya'yanta shida suka yi ta girma, huɗu a ƙasa, biyu a kan rumfa. Talatu ta sa wa na ƙasan sakaina a ƙarƙashi don kada laima ta ruɓar da su. Ta ƙagu a cire su, amma Kaka ta ce sai sandar da ke riƙe da su ta bushe, ɓawon kuma ya yi taurin da farce ba zai huda shi ba.

A watan Oktoba suka nuna. Babbar cikinsu Baba ne kaɗai ya iya ɗaga ta.

Amma shekarar ba ta yi kyau ba. Hatsi kaɗan aka samu, kayan miya kuwa babu. Kowane gida miyar kuka ce safe da dare. Da daddare Baba ya ce, "Talatu, kabewar nan taki ce. In kina so, sai in kai kasuwa, a saya miki takalmi da sabon zane."

Talatu ta daɗe tana son takalmi. Ta yi shiru. Sai ta tuna gwangwanin Ladi da na A'i. Ta ɗauki tsinke ta fara zane a ƙasa, kamar yadda Malam ya koya musu a makaranta.

"Baba, idan aka raba kowace kabewa gida 4, shida sau huɗu 24 ke nan. Gidajenmu ma 24 ne."

Baba ya dube ta, ya dubi Inna. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Da safe Baba ya je wurin Mai Unguwa. "Ranka ya daɗe, 'yarka Talatu ce ke da saƙo ga gari." Aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, aka kawo wuƙa. Da aka fasa ta farko, sai ga cikinta jawur, cike da 'ya'ya. Sabo ya fara ƙirgawa, ya kai 200 ya gaji, bai gama ko kabewa ɗaya ba.

Kaka ta ɗaga murya ta ce wa matan, "Kowa ta ɗauki rabonta da 'ya'yan cikinsa. Naman ku dafa, 'ya'yan ku wanke ku shanya a inuwa. Kada wadda ta bari kaji su tsince!"

A daren nan ƙamshin miyar taushe ya cika Unguwar Tsamiya. Aka daka gyaɗa, aka sa daddawa da ɗan manja, kowane gida aka ci tuwo aka side kwano.

Da damina ta zagayo, babu jujin da ba a shuka kabewa a gefensa ba. Talatu ce ke zagayawa gida-gida. A wani gida ta ce rami ya yi zurfi, a wani ta ce a kawo ƙaya saboda awaki. Da Goggo Hajara ta fara kukan furanninta na zubewa, Talatu ta kama hannunta ta nuna mata bambancin namiji da mace. Yaɗo ya rufe danga, ya rufe rumfuna. Tun kafin 'ya'yan su nuna, mata suka riƙa tsinkar ɗanyen ganyen suna miya da shi.

A wannan shekarar kabewa ta yi yawan da aka jera ta a ƙarƙashin rumbuna, aka ci har cikin sanyin hunturu. Ranar sunan ƙanwar Ladi, mata suka ɗora tanda tun asuba, aka toya masa, aka zuba mata miyar taushe, har mutanen ƙauyukan kusa suka zo suka ci.

Sauran kabewar kuwa, maza suka haɗa kuɗi suka ɗauki mota, Baba ya raka ta har kasuwar Muda Lawal a cikin garin Bauchi. Da magariba motar ta dawo da buhunan masara, aka sauke su a gindin tsamiya don rabawa. Baba ya zaro wata leda daga aljihun babbar rigarsa ya miƙa wa Talatu.

"Mai Unguwa ne ya ce a sayo miki, daga kuɗin kowa da kowa."

Takalmi ne ja. Talatu ta saka, ya yi mata daidai. Ta durƙusa ta yi godiya, sannan ta ruga gida tana kiran Kaka ta fito ta gani, Sabo yana biye da ita a guje yana cewa shi ma baɗi kankana zai shuka.