Alhamdulillah, tafiya Misra ta tabbata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. To, abin da aka dade ana boyewa dai yau ya fito fili, in sha Allahu ranar Laraba mai zuwa zan tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Alkahira, na samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin hada magunguna a Jami'ar Alkahira. Biza ta fito, tikiti yana hannu. Wadanda suka yi ta tambayata wai me ya sa na yi shiru kwana biyu, ga dalilin nan, Hajiya ce ta ce kar in kuskura in fada wa kowa sai komai ya kankama, kun san halin iyayenmu.

Gaskiya wannan tafiya ba karfina ba ne. Tun da na gama digirin farko a Jami'ar Bayero na yi bautar kasa nake da wannan buri, amma duk lokacin da na buga lissafin kudin makaranta da dala sai jikina ya yi sanyi, ga canji kullum sai hawa yake. Hajiyata ta sayar da awarwaronta na zinare ba ta ma gaya min ba sai da kudin suka shigo asusuna, wallahi har yanzu in na tuna sai idona ya ciko. Baba kuma Allah ya jikansa da rahama, shi ya fara sa min son karatu, na so a ce yana raye ya ga wannan rana.

Yaya Sani, kai ka bar shagonka na Kantin Kwari ka bi ni Abuja muka yi ta zirga-zirgar tantance takardu a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje, ko sau daya ba ka nuna gajiya ba, Allah ya kara budi. Kawu Bala da ya cika min kudin jirgi, Anti Rabi da tun yanzu ta hada min yaji da kuka da daddawa da kilishi kamar wanda zai bude shago a can, na gode Allah ya bar zumunci. Malamina da ya rubuta min takardar shaida cikin dare daya, Allah ya saka da alheri. Su Abba da Nura 'yan majalisa, ku da kuka yi karo-karo kuka saya min akwati da rigar sanyi, kuna ta tsokanata wai Larabcin islamiyya ba zai saya min ko burodi a Misra ba, za ku sha mamaki.

Wadanda ban ambata ba don Allah kar ku ji haushi, kuna raina. Ba zan samu zuwa gida-gida sallama ba saboda lokaci ya kure, amma ina gida ranar Talata bayan la'asar duk mai hali ya leko. Wanda na bata wa rai ya yafe min, ni ma na yafe wa kowa, wanda kuma yake bina bashi ya yi magana kafin Laraba. Ku sa ni a addu'a Allah ya sa a je a sa'a a dawo lafiya.