Ƙiftawar Allo

Ranar da abin ya kai Razak bango, ƙarfe takwas da rabi na dare ne, shago ya cika maƙil. Wuta ta ɗauke tun bayan magariba, janareta yana ta ruri a bayan gida. A talabijin ta uku Musa da Ibrahim suna buga gem ɗin ƙwallo, suna minti na tamanin da bakwai, ɗaya da ɗaya, Musa ya ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili. Sai allon ya yi baƙi. Sauran biyar ɗin ma duk suka yi baƙi tare, fankar sama ta yi sanyi kamar mai jan numfashi. Daƙiƙa biyu, ko uku. Da hoton ya dawo, 'yan wasan Ibrahim suna tsalle a kusurwar fili.

"Yaya Razak, wallahi ban ga komai ba!" Musa ya miƙe da madannin wasa a hannu, idonsa ya kawo ruwa. "A cikin duhu ya ci ni. Wannan ai ba wasa ba ne."

Razak ya buɗe aljihun tebur, ya mayar masa da sidi biyar ɗinsa. Na huɗu ke nan da ya mayar wa kuɗi a wannan daren.

Shagon yana Aboabo, a ɗakin gaba na gidan da aka haife shi. Talabijin shida a jere a bango, PS4 huɗu, PS5 biyu, benci uku, da hoton 'yan Kotoko wanda rana ta kashe wa launi. In akwai wutar gari, komai lafiya lau. Ɗauke wuta kuwa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi zamanin dumso a Kumasi, yara ma sun saba: wasa ya mutu, a jira minti biyu, Razak ya ja igiyar janareta, ya juya makunnin canji, a sake daga farko. Wannan ba ya ɓata wa kowa rai, don kowa ya ga abin da ya faru. Abin da ba su yafewa shi ne ƙiftawar da take zuwa bayan haka. Na'urar ba ta mutuwa, wasan yana ci gaba a ciki, idon mai wasa kawai ake rufewa. Wani lokacin a rubuta No Signal a tsakiyar allo kafin hoto ya komo.

Da farko ya zargi wayoyin HDMI. Ya hau furagiya zuwa Adum, ya sayo sababbi shida masu kauri, ya zauna har tsakar dare yana canzawa. Washegari aka ɗauke wuta, allo ya ƙifta kamar jiya. Wani abokinsa ya ce talabijin ɗin ne, tunda na hannu ne, sai dai Razak ya kasa gane yadda talabijin shida za su haɗa baki su lalace a daƙiƙa ɗaya. Ya sayi sitabilaiza da kuɗin da yake tarawa na madannai. Ita kuma sai ta ƙara nata: ƙas, ƙas, ƙas, tana ta ƙara a ƙarƙashin tebur, allo yana ƙiftawa a kan idonta.

Yara suka fara raguwa. Ba wanda ya yi masa rashin kunya, sai dai in wuta ta ɗauke, ya ga ana zamewa ɗaya bayan ɗaya, ana gangarawa Asawase inda aka buɗe wani sabon shago.

Mma Hawa ce ta lura da fuskarsa kafin kowa. Kishiyar mahaifiyarsa ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, kuma kuɗin adashinta ne suka sayi talabijin biyu na farko. Da safe ta ajiye masa koko da ƙosai a bakin shago.

"Abdurrazaƙ, ka rame. Ka je wajen Baba Salifu mana. Shi ya yi wa babanku wayar gidan nan."

Baba Salifu ya yi shekara talatin yana naɗin koyil a Suame Magazin kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya zo ranar Laraba bayan la'asar da jakar fata, mita a ciki da sukurudireba mai baƙin mariƙi. Bai kalli talabijin ba ko sau ɗaya. Ya ce a kashe wutar gari, a tada janareta, a kunna komai yadda aka saba. Sannan ya jawo kujera, ya soka bakin mita a soket, ya zauna.

"Zo ka duba, ɗana. Nawa ka gani?"

"Ɗari biyu da goma sha biyar, Baba."

"Wutar gari ɗari biyu da talatin ce. To, wannan da sauƙi, talabijin za ta iya haƙuri da shi." Ya murɗa mita. "Nan fa?"

"Arba'in da bakwai."

"Hamsin ya kamata. Irin wannan ƙaramin injin, sai ya juya sau dubu uku a minti kafin ya ba ka hamsin. Naka ya gaji, yana ja da ƙafa. Yaushe rabonka da wanke masa matatar iska?"

Razak ya sunkuyar da kai.

"Ba komai. Amma ba wannan ne ɓarawon ba. Zauna."

Suka zauna. Minti biyar, minti bakwai. Mai sayar da rake ya wuce, an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. Sai muryar janareta ta canza, ta yi ƙasa kamar an danne masa wuya, lambobin mita suka zube zuwa ɗari da sittin da wani abu, allo shida suka yi baƙi. Kafin Razak ya buɗe baki, injin ya murmure, lambobi suka hau, hoto ya dawo.

Baba Salifu ya ɗaga yatsa. "Ka ji? Wani abu ya tashi. Ba a ɗakin nan yake ba. Me kuma yake shan wutar injin nan?"

Razak ya yi shiru. Ya san amsar tun kafin tambayar ta ƙare, kuma sanin bai yi masa daɗi ba. Suka bi wata farar waya da ta fita ta saman taga, ta bi ƙarƙashin kwano, ta sauka a rumfar tsakar gida. Shi da hannunsa ya ja ta bara, ranar da ya iske Mma Hawa tana zubar da sobolo bokiti guda da ya lalace saboda rashin wuta. A lokacin firiza ɗaya ce. Yanzu biyu ne: ta biyun tsohuwa ce da ta saya gab da azumi don ƙanƙara da burkina, murfinta ɗaure da igiyar roba. Ya ƙirga a ransa. Gab da azumi ƙiftawar ta fara.

Baba Salifu ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora tafin hannu a bayan tsohuwar, ya janye da sauri don zafi. Ya bi bakin murfin da yatsa, robar ta tsage a wuri uku.

"Ka ga, firiza in tana tafiya ba ta da ci sosai. Tashinta ne masifa. A wannan daƙiƙar takan ja ninki biyar ko shida na abin da take ci. Wutar gari ba ta ko jin nauyin, kogi ne. Injinka kuwa randa ce, in aka kamfata da babban ƙwarya sai ka ga ruwa ya yi ƙasa. Wannan kuma sanyinta yana zurarewa ta murfi, shi ya sa take tashi a kai a kai. In ka juya makunni kuma, su biyun suke tashi tare da talabijin ɗinka." Ya share hannu a rigarsa. "Mafi sauƙi, ka cire wayar nan. Yau ɗin nan allonka zai tsaya cak."

Mma Hawa tana bakin murhu, tana tuƙa tuwo, kuma ta ji komai. Ba ta juyo ba.

"Ka cire, Abdurrazaƙ," in ji ta. "Da na san ni ce nake kore maka yara, da tuni na kashe ta. Ƙanƙara ai ba dole ba ce."

Ya dubi kulolin da ke jere a gindin bango, waɗanda ƙannensa mata suke ɗauka zuwa bakin titi kowace yamma. Daga cikinsu ake biyan kuɗin makarantar Rukayya. Ya dubi hannun Mma a kan muciya, jijiyoyi sun fito.

"Baba, in ba a cire ba fa? Akwai wata hanya?"

Tsohon ya dube shi na ɗan lokaci. "Akwai, amma da wahala, kuma da kuɗi."

Kwana huɗu suka yi a kai. Aka wanke matatar iska da kafireto, aka canza fulogi. Baba Salifu ya buɗe bayan injin, ya nuna masa gawayin da ya cinye saura kaɗan, da ɗan akwatin AVR mai daidaita ƙarfin wuta, wanda gefensa ya kumbura. Razak ya hau turoturo zuwa Suame da tsofaffin a aljihu don kada a ba shi wani iri. Da aka ɗaura, tsohon ya riƙa murɗa sukurun gwamna mai daidaita gudun injin kaɗan kaɗan, idonsa a kan mita, har ta tsaya a hamsin da ɗaya, don in kaya sun hau ta sauko daidai. Aka sa wa tsohuwar firiza sabuwar roba. Sitabilaizar kuwa, Razak ya sayar da ita da asara, ya sayi na'urar jinkiri guda biyu, irin wadda take riƙe wuta na 'yan mintoci kafin ta sake wa firiza. Sauran kuma tsari ne tsakaninsa da Mma: in ana kan janareta da dare, sabuwar kaɗai za ta yi aiki. Tsohuwar ta yi ƙanƙararta da wutar gari, a rufe ta ruf, a lulluɓe da bargo, sai an tashi daga shago a kunna ta.

"Ba zan ce maka ba zai ƙara motsi ba," in ji Baba Salifu yana ɗaure jaka. "Ƙwan fitila zai ɗan lumshe. Ka tara kuɗi, wata rana ka sayi babban inji." Ya karɓi rabin abin da Razak ya miƙa masa, ya tura masa sauran. "Ka gaida Hajiya."

Ranar Asabar Kotoko ta yi wasa a filin Baba Yara, bayan an tashi yara suka kwararo shago da sauran zafin ƙwallo a jikinsu. Musa ma ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai shawara. Ƙarfe bakwai da kwata wuta ta ɗauke. Razak ya ja igiya, ya bar injin ya yi ɗumi minti guda, sannan ya juya makunni. Ya kunna talabijin ɗaya bayan ɗaya.

"Musa, zo ka zauna. Na farko kyauta ne."

Shi Razak bai zauna ba. Ya jingina da ƙofar baya, kunnensa a kan injin. Can ya ji muryar ta ɗan nutse, ƙwan da ke saman teburinsa ya lumshe ya buɗe. Ya juya da sauri ya dubi bango. A talabijin ta uku ƙwallo tana tafiya a gefen fili, Musa ya karkata jiki yana binta, bai ko ɗaga kai ba.

Labulen tsakar gida ya motsa, Mma Hawa ta leƙo da kula a hannu.

"Ya yi?"

"Ya yi, Mma."

"To, karɓi wannan ka raba musu, tun da sauran sanyinsa."